Riba ta ƙaru, asusu ya bushe: yadda ake karanta ma'aunan kuɗin kamfani

Kamfani zai iya sanar da cewa ribarsa ta ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, bayan wata huɗu kuma ya kasa biyan albashi, ba tare da wani ya yi ƙarya a takarda ba. Dalili shi ne riba lissafi ce, albashi kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa, kuma tsakanin ranar da aka rubuta ciniki da ranar da kuɗinsa ya shigo akwai tafiya. Ma'aunan da masu nazarin harkar kuɗi ke fitarwa daga rahoton shekara an yi su ne don a ga wannan tafiyar. Gida uku ne: masu auna ƙarfin biyan bashin da ya kusa, masu auna saurin juya jari, da masu auna riba. Kowanne raba wata lamba ce da wata, lissafin da ɗan firamare zai yi. Wahalar tana wajen sanin abin da amsar ta ɓoye, kuma a nawa ganin gida na biyu ne mabuɗin sauran biyun, duk da shi ne aka fi tsallakewa.

Mu ƙaddara wani kamfani mai saro kayan lantarki daga masana'antu yana raba wa 'yan kasuwa. Duk lambobin a miliyoyi suke, kuma ba ruwanmu da kuɗin wace ƙasa ce. A shekarar farko ya yi cinikin 1,200, ribar da ta rage bayan haraji 75. A shekara ta biyu ciniki ya kai 1,500, riba ta kai 90. Wanda ya tsaya a shafin farko na rahoto zai rufe shi da fara'a.

Mu fara da ma'aunin da banki ke fara dubawa. Ana tattara kadarorin da ake sa ran za su zama kuɗi cikin shekara guda, wato tsabar kuɗi, da bashin da kamfani ke bin kwastomomi, da hajar da ke sito, sai a raba su da bashin da dole a biya cikin shekara guda. A shekarar farko kamfaninmu yana da irin waɗannan kadarori na 400, bashin kusa kuma 200, amsa ta zama 2. A shekara ta biyu kadarorin 660 ne, bashin 330, amsa 2 ce dai. Tun farkon ƙarni na 20 masu ba da rance suka saba ɗaukar biyu-bisa-ɗaya a matsayin alamar lafiya, a kan tunanin cewa ko da an karyar da kayan kamfani a rabin kuɗinsu, mai bin bashi zai fita. To ga shi kamfaninmu ya cika sharaɗin shekara biyu a jere.

Sai dai kyan ɗan maciji ne. Buɗe cikin 400 ɗin nan: tsaba 90, bashin kwastomomi 130, haja 180. Buɗe cikin 660: tsaba 20, bashin kwastomomi 290, haja 350. Jimillar ta kumbura, amma abin da ake iya biyan mutum da shi yau ya zube daga 90 zuwa 20. Ma'aunin ba ya bambanta kuɗin da ke banki da kwalin da ya shekara a sito yana shan ƙura, duk kadara ce a wurinsa. Shi ya sa ake da na biyu, mai tsauri, wanda ke cire haja tukuna kafin a raba. A nan ya sauka daga 1.1 zuwa 0.94. Na uku, wanda tsaba kaɗai yake ƙirgawa, ya faɗi daga 0.45 zuwa 0.06, ma'ana a cikin kowane ɗari da ake bin kamfanin na kusa, shida kawai yake da su a hannu. Abin nema a wannan gida ke nan: a jera ukun, a ga ko tare suke tafiya. Idan na farko ya tsaya cak alhali sauran biyun suna gangarawa, kuɗi ne ke rikiɗa yana zama kaya da alƙawari.

Akwai kuma yadda ake yi wa ma'aunin kwalliya, ba tare da karya wata doka ba. A shekara ta biyu kamfanin ya karɓi sabon rance na dogon zango, 70. Da rancen na gajeren zango ne, bashin kusa zai zama 400, amsar kuma ta zama 1.65. Wato biyun da muka gani ba ƙoƙarin kasuwanci ne ya riƙe ta ba, wa'adin da aka rubuta a takardar rance ne. Haka nan duk kamfanin da ma'auninsa ya haura ɗaya zai iya ɗaga shi a ranar rufe littafi idan ya biya wani bashi da tsabar da ke hannunsa. Mai 400 da 200, idan ya biya 80, ya koma 320 da 120, amsarsa ta tashi zuwa 2.67 alhali bai ƙaru da komai ba. Takardar kadara da bashi hoton rana ɗaya ce, kuma kamfani ya san ranar da za a ɗauki hoton.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar amsa kullum alamar ciwo ce. Manyan kantuna irin Walmart na Amurka sun shafe shekaru da ma'auni ƙasa da ɗaya, suna lafiya lau, domin nan take suke karɓar kuɗin mai saye, kayansu ba sa daɗewa a kan kanta, su kuwa sai bayan makonni suke biyan masu kawo musu kaya. Mai ƙera injuna da zai yi wata shida kafin ya gama guda, idan ya zauna a wannan matsayi, yana cikin haɗari. Lamba ɗaya ce, ma'ana biyu, kuma abin da ya raba su shi ne sauri. Wannan ya kai mu gida na biyu.

Ma'aunan juya jari sun fi sauƙin fahimta idan aka mayar da su kwanaki. Tambayoyi uku ake yi. Kwana nawa kaya ke yi a sito kafin a sayar? Kwana nawa kwastoma ke yi kafin ya biya? Kwana nawa kamfanin ke yi kafin ya biya wanda ya saro kaya a wurinsa?

Ta farko: a raba hajar da ke sito da kuɗin sarin kayan da aka sayar a shekara, a ninka da 365. Da kuɗin sari ake rabawa, ba da kuɗin ciniki ba, domin ita haja a farashin sari aka rubuta ta. Wanda ya raba da ciniki zai samu kwanaki ƙasa da na gaskiya. Kuɗin sari a shekarar farko 900 ne, haja 180, wato kwana 73. A ta biyu sari 1,140, haja 350, kwana 112. Ta biyu: bashin kwastomomi a raba da ciniki, a ninka da 365. Daga kwana 40 ya koma 71. Ta uku: bashin masu kawo kaya, wanda ya tashi daga 150 zuwa 160 kawai, a raba da kuɗin sari. Daga kwana 61 ya sauko 51.

Yanzu a haɗa su. Kwanakin sito a tara da kwanakin jiran kwastoma, a cire kwanakin da masu kawo kaya suka ɗaga wa kamfani ƙafa. Abin da ya rage shi ne tsawon lokacin da kuɗin kamfani ke ɗaure kafin ya dawo gida. Shekarar farko, 73 da 40 a cire 61, kwana 52. Shekara ta biyu, 112 da 71 a cire 51, kwana 132. An samu ƙarin kwana 80 da dole wani ya ɗauki nauyinsu, kuma wanin nan banki ne.

Shugabannin kamfani za su ce ai bunƙasa ce ta jawo, wanda ya ƙara ciniki dole ya ƙara kaya. Gaskiya ne, amma ana iya gwada iyakar gaskiyar. Kuɗin da ke ɗaure a haja da bashin kwastomomi, bayan an cire na masu kawo kaya, 160 ne a shekarar farko, ya zama 480 a ta biyu. Da kwanakin nan uku sun tsaya inda suke, sabon cinikin zai buƙaci wajen 200 ne kawai. Ke nan a cikin ƙarin 320, bunƙasa ta ci 40, sauran 280 kuwa jinkiri ne zalla. Ciniki ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, haja ta kusan ninkawa, bashin kwastomomi ya fi ninki. Duk lokacin da waɗannan biyun suka tsere wa ciniki haka, akwai abin tambaya.

Me ke sa kwanakin biyan kwastomomi su yi irin wannan tsalle? Wani lokaci kamfani ne da kansa ya sassauta sharaɗi don ya ƙwace kasuwa: ɗauki yanzu, ka biya bayan wata uku. To wannan ƙarin cinikin sayensa aka yi, ba samunsa aka yi ba. Wani lokaci tsofaffin kwastomomi ne suka shiga matsi suka fara jan ƙafa. Wani lokaci kuma, kuma shi ne mafi muni, a watan ƙarshe na shekara aka cusa wa dillalai kayan da ba su nema ba don lambar ciniki ta cika, kayan da rabinsu zai dawo bayan an rufe littafi. Mai karatu na iya rarrabe su idan ya leƙa bayanan da ke bayan rahoto, inda kamfanoni da yawa ke kasa bashin kwastomomi gwargwadon daɗewarsa: wanda wa'adinsa bai yi ba, wanda ya wuce da wata ɗaya, da wata uku, da sama da haka. Idan tulin yana wanda wa'adinsa bai yi ba, ko dai sassauci ne ko cusawa. Idan yana gangarawa zuwa tsofaffin layuka, biya ne ba a yi. Sannan a duba kuɗin da aka ware don bashin da ba zai dawo ba. Bashi ya ninka amma abin da aka ware yana nan yadda yake bara, ka san an ɗaga asara ne zuwa baɗi.

Haja ma haka take. Mai yiwuwa an saro da yawa ne da gangan saboda an hango tashin farashi, kuma wannan dabara ce da ke iya biya. Mai yiwuwa kuma kaya ne suka yi kwantai. A kayan lantarki, inda sabon samfuri ke kashe kasuwar tsoho cikin 'yan watanni, kwana 112 ba wasa ba ne. Ƙa'idar akanta ta ce a rubuta haja a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin sarinta da abin da za a samu in an sayar, amma wanda ke fara yanke hukuncin cewa darajar kaya ta faɗi shi ne mai kayan, kuma ba ya gaggawa.

Kwanakin biyan masu kawo kaya su ne suka fi rikitarwa, domin hawa da sauka duk suna iya zama alheri ko akasinsa. Idan sun ƙaru, ko kamfani ne ya yi ƙarfin da zai gindaya sharaɗi, ko kuwa ya rasa abin biya. Idan sun ragu, ko yana biya da wuri don ya samu rangwame, ko kuwa masu kayan ne suka daina yarda da shi. A kamfaninmu, wanda tsabarsa 20 ce kuma yana rance, da wuya a ce don jin daɗi yake biya da wuri. Kuma da rangwame yake samu, da mun gan shi a ribar farko, wato ciniki a cire kuɗin sari, wadda za mu ga raguwa ta yi. Masu kawo kaya sukan ji ƙamshin matsala kafin banki, domin su ake fara cewa a dawo mako mai zuwa.

Gargaɗi guda kan lissafin kansa: na yi amfani da lambobin ranar rufe littafi don sauƙi. Kamfanin da kasuwarsa ke da lokaci, idan ya rufe littafi bayan ya gama sayar da kaya, sitonsa zai fito kamar an share, kwanakinsa su yi kyau fiye da yadda suke a sauran watanni. Shi ya sa ake ɗaukar tsaka-tsakin farkon shekara da ƙarshenta, ko ma na kowane wata uku in akwai. Kowace hanya aka bi, ita za a bi a duk shekarun da ake kwatantawa.

Saura riba. Hawa uku ake duba ta. Ribar farko ita ce ciniki a cire kuɗin sari: 300 cikin 1,200, kashi 25, sai 360 cikin 1,500, kashi 24. Maki ɗaya kamar ba komai ba, amma a cinikin 1,500 maki ɗaya 15 ne, kashi ɗaya cikin shida na ribar shekarar. Kuma lura, kamfanin ya rage farashi ko sari ya yi masa tsada, a daidai lokacin da yake ƙara wa kwastomomi wa'adi. Sau biyu ya biya kuɗin cinikin nan. Ribar aiki, bayan albashi da haya da sufuri da sauransu, ta tsaya a kashi 10, daga 120 zuwa 150, wanda ke nuna an riƙe kashe-kashe da kyau. Ribar ƙarshe, bayan kuɗin ruwa da haraji, ta sauka daga kashi 6.25 zuwa kashi 6. Amfanin hawa ukun shi ne su nuna inda yoyon yake: farashi da sari a hawa na farko, tafiyar da kamfani a na biyu, bashi da haraji a na uku. A nan ne kuma ake neman ribar da ba za ta maimaitu ba, kamar ta sayar da fili ko gini, a ware ta gefe kafin a raba.

Ma'aunin da masu hannun jari suka fi so shi ne ribar ƙarshe a kan jarinsu. Jarinsu 400 ne a shekarar farko, 460 a ta biyu, don haka ya tashi daga kashi 18.75 zuwa 19.6. Ci gaba ke nan a ido. Tun farkon ƙarni na 20 wani ma'aikacin kamfanin DuPont na Amurka, Donaldson Brown, ya fito da hanyar fasa irin wannan ma'auni gida-gida, kuma yadda ake amfani da ita yau gida uku ne da ake ninkawa: ribar da ke cikin kowane ciniki, yawan cinikin da kowace kadara ke haifarwa, da yawan kadarar da aka ɗora a kan kowane jari na masu kamfani. Na farko mun gani, ya ragu. Na biyu, ciniki a raba da dukan kadarori, waɗanda suka tashi daga 700 zuwa 960, ya sauka daga 1.71 zuwa 1.56. Na uku ne kaɗai ya hau, daga 1.75 zuwa 2.09, kuma shi ba komai ba ne illa bashi. Kamfanin ya rage cin riba a kowane ciniki, ya rage saurin juya kadara, amma ma'aunin ya hau domin an ƙara rance.

Bashi hanji ne, ba aibu ba ne a ci shi. Tambayar ita ce me ya haifar. A nan ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne ribar aiki a kan dukan jarin da ke cikin kasuwancin, na masu kamfani da na rance a haɗe, domin shi rance ba ya iya kumbura shi. Shekarar farko 120 a kan 550, wato jari 400 da rance 150, kusan kashi 22. Shekara ta biyu 150 a kan 800, wato jari 460 da rance 340, ƙasa da kashi 19. Ko a duba ta wata fuska: an ƙara zuba 250, ribar aiki ta ƙaru da 30, wato kashi 12, kusan daidai da kuɗin ruwan da kamfanin ke biya a kan rancensa. Sabon kuɗin banki yake yi wa aiki. Kuma kuɗin ruwan 30 da aka biya bana na rancen da aka karɓa a hankali ne cikin shekara. Baɗi, rancen 340 zai zauna tun ranar farko, kuɗin ruwansa ya haura 40.

Wannan ma'aunin ma yana da nasa makafin wurare. Kamfani mai tsofaffin injuna da darajarsu ta zaizaye a littafi zai fito da riba mai kyau a kan jari, don kawai abin da ake rabawa da shi ya ƙanƙance, musamman inda farashi ya daɗe yana tashi. Ranar da zai sabunta injunan, ma'aunin zai rufto. Kuma kwatanta mai sayar da kayan masarufi, da ke cin riba kaɗan yana juyawa da sauri, da mai sayar da gwal, da ke cin riba mai kauri yana jira, ɓata lokaci ne. Kowanne da takwaransa ake auna shi, da kuma shekarunsa na baya, biyar in za a samu.

A ƙarshe duk ribar nan ta 90 tana tsaye ne a kan amincewa da lambobi biyu da muka riga muka yi shakka a kansu. A ce haja ta 60 ta yi kwantai, sai a rabin kuɗi za ta fita, asarar 30 ke nan. A ce kuma 30 cikin bashin 290 ba zai dawo ba, kusan kashi ɗaya cikin goma. Ribar kafin haraji, wadda take 120, ta koma 60. Babu ko ɗaya cikin zaton biyun da ya yi tsanani ga kamfanin da kwanakinsa suka yi irin wannan tsalle.

Wanda ke son tabbaci sai ya juya zuwa takardar shige da ficen kuɗi, inda ba a rubuta alƙawari. Riba 90, a cire ƙarin bashin kwastomomi 160, a cire ƙarin haja 170, a mayar da 10 na masu kawo kaya: giɓin 230, idan muka ɗauka abin da aka kashe kan injuna da motoci daidai yake da zaizayar darajarsu. A kan wannan giɓin aka raba wa masu hannun jari 30. An cike ramin da sabon rance na 190, wanda ya haɗa da na dogon zangon nan, da kuma 70 daga asusu. Haka labarin W. T. Grant ya kasance, babban kamfanin kantuna na Amurka da ya durƙushe a 1975: ya yi shekaru yana bayyana riba yana raba wa masu hannun jari, yana sayar wa jama'a kaya bashi cikin sauƙi, alhali kasuwancin ba ya haifar da tsaba. A kamfaninmu, 170 daga cikin rancen 340 na gajeren zango ne, wanda banki zai sake dubawa cikin watanni, kuma abin da ke asusu ranar rufe littafi, 20, bai kai kuɗin sarin kwana bakwai ba.